Zakaran da ya yi cara a ƙasashe uku

Ranar Litinin ɗin nan ɗan yayata ya kama aiki a wani kamfani a Manchester, ranar Talata kuwa har an kira shi gefe. Bai yi sata ba, bai zagi kowa ba. Gaisuwa ya yi.

An saka shi a Slack na ma'aikata. Yaro mai tarbiyya, ya idar da sallar asuba, ya ga bai dace ya shiga gidan mutane babu sallama ba, sai ya rubuta: "@channel Good morning all, how was your night?" To shi @channel ba ya tambaya ko kana kan aiki ko kana minshari, duk wanda ke cikin zauren sai ya taɓo shi. Ƙarfe 6 na safe a Manchester ƙarfe 1 na dare ne a Toronto, a Indiya kuwa hantsi ya dubi ludayi. Wata baiwar Allah a Kanada da ta manta ba ta kashe sanarwa ba ta farka a firgice, ta zaci kamfani ya kama da wuta. Ashe wani ne ke son jin yadda ta kwana. Wannan tambaya kuwa, a kunnen Bature, ba ta lafiya ba ce. Tambayar abin da ka aikata cikin dare ce, da kuma da wa.

Abin da ya fi ba ni haushi, manhajar ta gargaɗe shi. Kafin saƙon ya tafi ta nuna masa yawan mutanen da zai tasa, har da hoton zakara ya wage baki. Na ce masa, "Kai, ba ka ga zakaran ba?" Ya ce, "Na gani, Kawu, na ɗauka alamar safiya ce." Wato masana sun zauna, sun yi taro, an biya mai zane, an zaɓi tsuntsun da zai tsorata mutum, aka aiko wa Bakano abin da yake yankawa ranar suna. Da kura suka zana, da ya tsaya. Zakaran da Allah ya nufa da cara dai ya yi, har nahiya uku suka ji.

Abin da ake so ɗan kaɗan ne. Ka shiga, ka ja sama ka karanta hirar da ta wuce, ka ga yadda suke magana. Ka jira shugabarka ta gabatar da kai, sannan ka yi layi ɗaya: sunanka, aikinka, ka ji daɗin zuwa. Babu "Sir", babu "Ma". Mai furfurar da ya girmi babanka ma da sunansa tsirara za ka kira shi, ka yi istigifari a zuci. In tambaya gare ka, ka haɗa ta da gaisuwar a saƙo guda, kada ka jefa "Hi" ka koma gefe kana jiran a ce maka lafiya lau. Amsa kuma a ƙarƙashin saƙon ake yin ta, ta Reply in thread, don kada a cika tsakar gida da shara. In sanarwa aka yi, ɗaga babban yatsa ya wadatar. Ba sai mutum arba'in sun jera "Noted" kamar masu amsa amin ba.

Shiru kuma yana da wurarensa. An tambayi wani da sunansa, ba kai ba: shiru. Manya biyu suna musu cikin ladabi, kowa na fara magana da "Just to clarify": wannan dambe ne, kuma a nan ba a raba faɗa. Tunani ya zo maka ƙarfe 11 na dare: akwai Schedule message, ka ajiye shi sai 9 na safe.

Amma fa kada su raina mana hankali. Mutanen nan da gaisuwa ɗaya ta hana su sukuni, ranar Laraba wani ya saka hoton karensa sanye da rigar sanyi, aka yi ta ruwan jajayen zukata har la'asar. An tambayi shekarun karen. An tambayi yadda ya ji da ƙafa, don wai an yi masa aiki. Wata ta ce a gaishe shi. A gaishe shi! Kare yana da masu duba shi, ɗan mutum kuwa da ya baro uwa da uba ya ce ina kwana, babu wanda ya tanka, babu kuma wanda ya bi shi ta gefe ya ce ɗan'uwa, ba haka ake yi ba. Sai da aka kwana aka aiko masa da "Got five minutes for a quick chat?", wanda duk mai aiki a can ya san ba minti biyar ba ne, ba kuma hira ba ce.

Yanzu yaron ya tsorata, ko yatsa ba ya ɗagawa sai ya kira ni. Jiya ya tambaye ni ko ya halatta ya yi wa karen ya jiki. Na ce ya yi, amma a ƙarƙashin saƙon.