Ni Ne Mai Sayarwa Ranar Araha

Akwai wata baiwa da Allah ya yi mini wadda ban ga wani yana hassada a kanta ba. Ina iya gane ranar da farashin hannun jari zai kai ƙasa, domin a ranar nake sayarwa. Haka kuma ina gane ranar da ya kusa ƙure tashi, domin a ranar nake shiga da ƙarfina. Da akwai mai wayon da zai zauna kusa da ni yana yin akasin duk abin da na yi, da yanzu ya gina gida a unguwar manya.

Cutar ta kama ni ne a 2007. Waɗanda suka ga lokacin za su tuna. Babban Banki a ƙarƙashin Soludo ya tilasta wa bankuna tara jarin Naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25, sai tallar hannun jari ta cika rediyo da jaridu. A majalisarmu, mutumin da bai taɓa buɗe rahoton kuɗin wani kamfani ba shi ne ke ba da fatawa a kan wanda za a saya. Na daɗe ina ta-maza, ina cewa ni ba a ruɗa ni. Abin da ya karya ni ba wani lissafi ba ne. Wani abokina ne, wanda na tabbata na fi shi kai tun muna makaranta, ya sauya mota. Na shiga a farkon 2008. A watan Maris na shekarar ma'aunin kasuwa, wanda ake gani a allo da sunan All-Share Index, ya kai maki 66,371, daga nan ya juya. Bayan shekara ɗaya yana ƙasa da 20,000.

A wancan karon ban sayar ba. Na riƙe takardun shaidata ina cewa ai asara ba ta tabbata sai an sayar. Wasu kamfanonin da na riƙe suka farfaɗo, wasu kuwa har yau sunansu kawai ya rage a cikin tsohuwar jakata. Ma'aunin bai sake ganin makin 2008 ba sai a 2023, wato bayan shekara 15. Sai na ɗauki darasi, na rantse cewa duk ranar da na ƙara ganin kasuwa tana zubewa, ni ne na farko a bakin ƙofa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Tsumman ya bayyana a 2020. A farkon shekarar ina da abin da ya kai Naira miliyan ɗaya a kasuwa, na rarraba a kamfanonin siminti da abinci da sadarwa. Don lissafi ya yi sauƙi, mu ɗauka kwandona yana tafiya daidai da ma'aunin kasuwa, wanda ya rufe 2019 a maki 26,842. Sai korona ta iso. Gangar ɗanyen mai ta faɗi ƙasa da dala 30, aka mayar da canjin hukuma daga Naira 307 zuwa 360 a kan dala, aka kulle Legas da Abuja da Ogun a ƙarshen Maris. Ni kuma ina zaune a gida ba aikin fari ba na baƙi, sai waya. Da na idar da sallar asuba, waya. Kasuwa ba ta buɗewa sai ƙarfe 10, amma tun ƙarfe 7 nake shafa allo da babban yatsa kamar lambobin jiya za su ji tausayina su canza launi. Komai ja. Akwai ƙa'idar da ta hana farashin kamfani faɗuwa fiye da kashi 10 cikin 100 a rana guda, an yi ta ne don a kwantar da hankali, amma ni abin da ta yi mini shi ne ta yanka mini azabar ƙanana-ƙanana, kullum da rabonta.

A makon farko na Afrilu na kira dillalina na ce ya sayar da komai. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yallaɓai, wane ne daga cikin kamfanonin nan ya daina sayar da kayansa?" Na ce ba muhawara na kira mu yi ba. Ya ce, "To, kuɗin ake buƙata a gida?" Na ce a'a, asara nake gudu. Ya sayar. A makon nan ne ma'aunin ya taɓa 20,669, mafi ƙanƙantarsa a duk shekarar. Ban yi kuskure ko da na mako guda ba.

Ga yadda lissafin ya tafi. Miliyan ɗayata ta riga ta koma wajen 770,000. Da aka cire la'adar dillali da kuɗin hukumomin kasuwa da haraji, kimanin kashi 2 cikin 100, sai 755,000 ta shigo asusuna. A daren na yi barci mai daɗi, kuma wannan barcin shi ne kaya mafi tsada da na taɓa saya. Kasuwa ta fara tashi a hankali, ina cewa yaudara ce. Ta ƙara tashi, na ce bari ta ɗan sauko in shiga. Ba ta sauko ba. Ribar takardun lamunin gwamnati na gajeren zango ta faɗi har ƙasa da kashi 1, manyan masu kuɗi suka rasa inda za su ajiye, suka kwararo cikin hannun jari. Ranar 12 ga Nuwamba tashin ya yi ƙarfin da sai da aka dakatar da ciniki na ɗan lokaci, aka rufe a maki 35,342. Majalisa ta sake cika da malaman fatawa. Ni da na ƙi riƙe kayana a 20,669, sai ga ni ina roƙon a sayo mini su a 35,000.

Bayan la'adar saye, abin da ya shiga kasuwa 740,000 ne. Shekara ta rufe a maki 40,270, kuɗina suka zama wajen 840,000. Wanda ya fara da miliyan ɗaya irin tawa, wayarsa ta lalace a Janairu bai gyara ba sai Disamba, ya wayi gari da miliyan ɗaya da rabi, domin kasuwar ta tashi da kashi 50 a shekarar. Tsakanina da shi akwai fiye da Naira 650,000. Ban ma saka rabon ribar shekara da kamfanoni suka biya ina waje ba, ban kuma saka hauhawar farashi da ta kai kashi 15.75 a Disamba tana cin kuɗin da na jibge a asusu ba. Manomin da ya zubar da hatsinsa da kaka ya koma yana awo da damina ya fi ni uzuri, domin shi yawanci bashi ko biki ne ya matsa masa.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne yadda na ba da labarin. Duk wanda ya tambaye ni a Janairun 2021, cewa nake na ci ribar kashi 14 cikin wata biyu. Kuma ba ƙarya na yi ba, daga 740,000 zuwa 840,000 haka ne. A nan ɓarnar take ɓuya. Babu takardar da dillali zai aiko maka mai layin da ke cewa ga abin da tsoro ya ci, ga abin da kwaɗayi ya ci. Ba a sace maka komai ba, ba a damfare ka ba. Kowane mataki da ka ɗauka yana da hujja mai kama da hankali a ranar da ka ɗauke shi. Sai da na daina duba Naira na ƙirga yawan hannun jarin da ke hannuna, sannan na ga cewa a kowane 100 da nake da su a Maris, ƙasa da 60 na iya mayarwa a Nuwamba. Kamfanonin su ne dai na da, rabona a cikinsu ne ya ragu da kusan rabi.

Na ɗan sami sanyi da na gano cewa cutar tana da masana. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna cewa zafin asara a zuciyar mutum ya kai kusan ninki biyu na daɗin riba mai girman daidai da ita. Shi ya sa mai duba waya sau da yawa a rana ya fi shan wuya: ko a shekarar alheri, jajayen ranaku suna da yawa, kuma kowace tana cizo fiye da yadda koriya ke lallashi. Brad Barber da Terrance Odean kuma sun bi asusun gidaje 66,465 a Amurka daga 1991 zuwa 1996, suka tarar waɗanda suka fi yawan saye da sayarwa suna samun kashi 11.4 a shekara, alhali kasuwar tana ba da 17.9. Can ke nan, balle nan da fita da komowa sau ɗaya ke lashe kusan kashi 4 na kuɗinka kafin farashi ya motsa.

Kada a fahimce ni da cewa riƙewa ce kullum daidai. Ni ne shaidar akasin haka, ai na riƙe a 2008. Bambancin shekarun biyu yana cikin kamfanonin, ni kuma allo nake kallo. A 2008 bashi ne ya hura farashin, bankuna suna ba mutane rance su sayi hannun jari, kuma ruɓewar tana cikin littattafan wasunsu, kamar yadda ya bayyana a Agustan 2009 lokacin da Babban Banki a ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya. A 2020 kuwa mutane ba su daina kiran waya ko cin abinci ba, kulle ma ƙara musu sayen data ya yi. Tambayar dillalina ita ce ma'aunin gaskiya: me ya canza a ciniki da bashi da ribar kamfanin? Idan amsar ita ce "farashi ya faɗi" ko "kowa yana saye", to tsoro ne ko kwaɗayi ke magana da muryar hankali.

Yanzu, da yake na san ba zan warke ba, ɗaure kaina nake yi. Kuɗin cefane da na makaranta na wata shida suna waje, ba sa shiga kasuwa, don kada buƙata ta haɗa kai da tsoro. Kafin in sayi komai ina rubuta dalilina a layi biyu, da abin da idan ya faru zan sayar. Ina saye da adadi ɗaya kowane ƙarshen wata, ko allo ja ne ko kore. Na kuma roƙi dillalina cewa duk umarnin da na ba shi ina haki, ya ajiye shi kwana uku. A littafina akwai shafi guda da nake rubuta inda kuɗina za su kasance da ban taɓa komai ba tun Janairu, kuma yawancin shekaru wannan malalacin yana gabana.

Manhajar kasuwar ma na goge ta daga wayata. Sai dai uwargida ta fara tambayar dalilin da ya sa nake yawan aron tata da misalin ƙarfe 10 na safe.