Yadda Muke Ɗana Motar Hannu

Mu fa in za mu sayi motar hannu, abin da muke fara dubawa shi ne fenti da rediyo da sanyin esi. A zagaya da mu layi ɗaya a kan kwalta mai santsi, dillali na gefe yana zuba, "Alhaji, wata Hajiya ce ta hau ta, daga gida sai ofis." Shi ke nan, sai mu ce a yi ciniki. Wai duk motocin garin nan na Hajiya ne?

Masu wayon cikinmu da sassafe suke zuwa, su ɗora hannu a kan bonet. In da ɗumi, an riga an tayar da ita, kuma inji mai ɗumi yana ɓoye laifinsa. A sanyi ake jin ƙarar kaca-kaca ta sakan ɗin farko, a sanyi ake ganin hayaƙi. Shuɗin hayaƙi, inji na shan baƙin mai. Fari mai kauri da ya ƙi ɗaukewa bayan ta yi zafi, ruwa ne ke shiga inji, galibi gasket ya ƙone. Kafin ka tayar ma, murɗa makulli ka tsaya: fitilar Check Engine dole ta kama, ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, wataƙila wani ya taɓa ta.

Ɗauki Corolla mai giyar otomatik, wadda duk muke rububi. Taka birki, ka sa D, ka sa R. Ya kamata ta shiga nan take, a hankali. In ta yi jinkiri sannan ta zabura kamar an tokare ta daga baya, kuɗin giya na jiranka. A kan hanya kuma, in inji ya ɗaga murya amma gudu bai ƙaru ba, giyar na zamewa.

Sai ka kashe rediyo, ka roƙi dillali ya ɗan huta. Nemi fili, murɗe sitiyari har ƙarshe, ka zagaya a hankali, dama da hagu. Ƙas-ƙas-ƙas daga gaba, shaf ne. Ka bar kwalta ka shiga layin ramuka irin namu: gum-gum a ƙasa, shokazoba ne ko bushin. Sannan ka kai ta 80 zuwa 100. Gunji mai ƙaruwa da gudu boris ne. Rawar sitiyari wataƙila balansin taya ne, abu mai sauƙi. Amma in sai ka taka birki yake rawa, faifan birki ne.

Esin nan da muke so, a bar shi a kunne a cunkoson Ƙofar Nasarawa, ido na kan allurar zafi. In ta haura tsakiya tana ci gaba da hawa, ka miƙa wa dillali makullinsa.