Yadda za ka nemi tallafin Chevening kafin a rufe ƙofa

Da farko, ka sallami ɗan uwan nan naka mai turo saƙo a WhatsApp da "an ce an buɗe". Ka yi masa godiya, ka gaida mutanen gida, sannan ka buɗe `chevening.org` da hannunka. Nan ne kaɗai ake cike takardar neman Chevening, tallafin gwamnatin Birtaniya na karatun digiri na biyu na shekara ɗaya. Ba a biyan ko sisi. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗin fom, cefanen gidansa yake so ka yi masa.

Abu na biyu shi ne ranar rufewa, kuma a nan nake roƙon ka tattaro hankalinka. A 2024 an rufe ranar 5 ga Nuwamba. A 2025 aka rufe ranar 7 ga Oktoba. Wanda ya riƙe ranar bara ya iso ya tarar kasuwa ta watse da kusan wata guda. Saboda haka ranar da ka gani a shafin a bana, ita za ka rubuta a bango, a waya, har a murfin kwanon abincinka in ta kama.

Sai ka duba lokacin. A waɗannan shekarun biyu an rufe ne da `12:00` agogon GMT, sha biyun rana ke nan, ba na dare ba. A Kano da Zinder ƙarfe ɗaya na rana ne, a Kumasi sha biyu daidai. Mai cewa "bari in yi azahar, in ci tuwo, in ɗan kishingiɗa" zai farka babu shi a lissafi. Ka tura takardarka saura kwana uku, domin wutar lantarki ba ta san kana da uzuri ba.

Yanzu ɗauko alƙalami. Ana bukatar aikin da ya kai awa 2,800. Idan kana awa 40 a mako, mako 70 ya ishe ka. Idan awa 20 kake yi, sai ka cika mako 140. Zaman majalisa a bakin mai shayi ba ya ciki, komai daɗewarka a kan bencin.

Za ka zaɓi kwas uku, ka amsa tambayoyi a rubuce kan jagoranci, hulɗa da jama'a, dalilin zaɓen karatun, da abin da za ka yi in ka dawo, domin sharaɗi ne ka koma ƙasarka na aƙalla shekara biyu. Kada ka rubuta "tun ina yaro nake shugaba". Faɗi matsala ɗaya da ka warware a wurin aiki: wa ka shawo kansa, me ya canza bayan haka. Mutum biyu da za su yi maka shaida kuwa, ka nemi yardarsu tun yanzu, kafin malam ya tafi Umara da wayarsa a kashe.