Mu Masu Jan Biro

Kowace unguwa tana da irinmu. Wani malamin Hausa ne a sakandare, wani ya taɓa aikin jarida, wata kuma shagon buga takardu gare ta a bakin titi. Mu ake kawo wa rubutu a ce, "Malam, don Allah a ɗan duba mini." Kuma mu faɗi gaskiya, jama'a, ba mu iya ɗan dubawa ba. Da takarda ta shigo hannunmu sai mu gyara zama, mu zare jan biro, mu bi ta layi-layi kamar da ma muna jin haushinta. Idan muka mayar da shafi babu ja a jikinsa, gani muke mai shi zai ce ba mu yi komai ba.

To ga irin abin da kan fito daga hannunmu. A ce yarinya ce Basakkwaciya ta rubuta littafin labari, ta sa kakar jarumarta tana yi mata faɗa ranar da za a kai ta ɗakin miji. Ga yadda ta rubuta:

Inna ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Ke ɗiyag ga, mi kika so? An ce ki zamna, ki zamna. Kuka dai, kuka dai, kuka dai, sai ka ce mutuwa anka yi."

Sai ɗayanmu ya karɓa, ya kwana a kai, da safe ya miƙo wannan:

Kakata ta kalle ni cikin takaici, sannan ta bayyana mini cewa ya kamata in yi haƙuri in zauna, kasancewar yawan kuka ba shi da wani amfani.

Babu kuskure ko ɗaya a jimlar nan tamu. Ko gaban malamin jami'a aka kai ta, wucewa za ta yi. Amma ina tsohuwar? Mun cire "Inna" mun sa "kakata," alhali sunan da yarinya take kiranta da shi ne yake nuna a hannunta ta girma. Mun cire "sheƙeƙe," wanda shi ya nuna mana idon tsohuwar, muka sa "cikin takaici," wanda zai zauna a fuskar kowa. "Ɗiyag ga" da "mi" da "zamna" da "anka" su suka gaya wa mai karatu cewa gidan nan a ƙasar Sakkwato yake, ba tare da an ambaci gari ba, mu kuwa muka kwashe su a matsayin kura-kurai. Shi kuma "kuka dai" da ta jera sau uku, mun ce maimaici ne. Ai da gangan ta yi. Haka tsofaffi suke mita, kuma a cikin mitar nan ake jin cewa ita ma Innar daurewa take yi kar nata hawayen ya zubo.

In ka lura, kalmomin da muke cusawa iri ɗaya ne kullum: "bugu da ƙari," "ya bayyana cewa," "kasancewar," "bisa la'akari da," "a nasa ɓangaren," "taka muhimmiyar rawa." Daga labaran rediyo muka tsinto su, kuma can suka dace, domin mai karanta labarai bai kamata a ji halinsa a cikin labarin ba. Mu sai muka ɗauka duk Hausar da ba ta yi wannan ƙamshin ba ɗanya ce. Shi ya sa za ka karanta littattafai uku na mutum uku, ɗaya 'yar Gusau, ɗaya ɗan Damagaram, ɗaya Bazazzagi, ka rantse mutum ɗaya ne ya rubuta. Gaskiyarka kuwa, mutum ɗaya ne: mai gyaran. An ba tela riga ya rage mata hannu, ya farke ta ya ɗinko yunifom.

Alhali tun farkon ƙagaggun labarai na boko ba haka aka faro ba. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ta ofis ɗaya suka bi kafin a buga su. Duk da haka, ko an rufe maka bango, ba za ka haɗa barkwancin Imam da Malam Zurƙensa da bugun ƙirjin Ganɗoki ba, balle natsuwar Shaihu Umar mai ba da labarinsa a hankali irin na malamin zaure. Kowane tsuntsu kukan gidansu ya yi, kuma shi ya sa har yau ake gane su.

Wani zai ce, to mu ajiye biron ke nan? A'a, aiki yana nan jingim, sai dai a raba shi gida uku. Na farko shi ne ƙa'idar rubutu, wannan a gyara ba sai an yi shawara ba: "yace" ya koma "ya ce," "gidan sa" ya koma "gidansa," a sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu, don kar "ɓata" da "ba ta" su rikice wa mai karatu. Na biyu shi ne inda magana ta cuɗe. Mata biyu suna tsakar gida, aka rubuta "sai ta mare ta," wa ya mari wa? Ko yaron da aka ce maraya ne a babi na biyu, sai ga babansa ya dawo daga kasuwa a babi na tara. Nan ba namu ba ne mu zaɓa. A ja layi, a rubuta tambaya a gefe, mai rubutu ya warware da bakinsa. Na uku shi ne karin harshe, da tsawon jimla, da maimaici na ganganci, da kalmar da ba mu saba ji ba. Nan hannu ya kamata ya yi sanyi. Rashin sanin kalma a Kano bai sa ta zama kuskure a Katsina ba.

Abin yana da iyaka, kar a ce mun zuga yara. Takardar neman aiki, da bayanin yadda ake shan magani, da littafin 'yan firamare, daidaitacciyar Hausa suke so, babu ruwansu da salon kowa. Ko a labarin ma, idan Sakkwatanci ya cika shafi har ɗan Bauchi ya fara tuntuɓe, a zauna da marubuciya a yanke shawara: mai ba da labari ya yi daidaitacciya, Inna ta riƙe bakinta. In an yanke haka, aikinmu shi ne tsaro, kar Inna ta ce "mi" a nan, ta ce "me" a shafi na gaba.

Gane ko mun wuce gona da iri ba shi da wuya. A karanta shafin da aka gyara da ƙarfi a gaban mai shi. In kana karantawa tana gyaɗa kai, to lafiya. In kuwa ta yi shiru, can ta ce, "Ya yi kyau, Malam, Allah ya saka da alheri," kunya ce kawai irin tamu, ba za ta iya ce wa babba ya ɓata mata aiki ba. Sai ka ɗauko asalin, ka jera su, ka bi duk wurin da ka canja kana tambayar kanka: kuskure ne a nan, ko dai ni ba haka zan faɗa ba? Duk inda amsar ta zama ta biyu, a mayar mata da kalmarta.