Ladabin Sallama Ga Baƙon Gurup, Bisa Tsarin Arewa

Gaisuwar mutanen Arewa, daga Lugu da Bagaji har Matankari, Dogon Dutsi da Tibiri, an gina ta ne a kan tambaya da amsa tsakanin mutum biyu. Ɗaya ya ce ina kwana, ɗaya ya ce lahiya lau. Ina gajiya, babu gajiya. Ina aiki, da godiya. Daga nan a gangara kan gida, yara, dabbobi, da sanyi ko zafi gwargwadon lokaci, sannan wanda aka tambaya ya juyo da tambayoyin gaba ɗaya. Tsarin ba shi da aibu a bakin rijiya ko a fadar shayi. Matsalar ta taso ne da aka ɗauke shi ɗungurungum aka zuba a gurup ɗin WhatsApp, inda tun 2022 zaure guda ke iya ɗaukar mutum 1024, kuma kowannensu ya tashi da tarbiyyar cewa ƙin amsa gaisuwa rashin mutunci ne.

Lissafin ba wuya. A ce gurup na ƴan gari yana da mutum 300, baƙo ya shigo ya jero tambayoyi bakwai, kowace a saƙonta. Ko kashi ɗaya cikin goma ne suka ji nauyin amsawa, saƙo 210 ke nan, ban da na masu amsa wa masu amsawa. Sanarwar rasuwa ko ta suna da aka sa da safe ta nutse, forfen wani tsoho ya ƙare, kuma an san sunan wanda ya jawo. Saboda haka aikin baƙo na farko shi ne taƙaita abin da iyayensa suka sha wahalar koya masa ya tsawaita.

Kafin ya ce uffan, ana so ya buɗe jerin mambobi ya duba lambobi, domin su ne fuskokin da zai gani. Mai +227 yana gida Nijar. Mai +234 yana Nijeriya, +229 Benin, +225 Kodebuwa, +233 Gana, +218 kuwa Libiya. Wannan dubawa tana hana kuskure biyu. Na farko na lokaci ne: Abijan da Akara suna bayan Nijar da awa guda, don haka wanda ya idar da sallar asuba a Dankasari ya saki ina kwana, ya tada ɗan ci-rani daga barcin da bai daɗe da samu ba. Na biyu na yanayi ne. Tambayar ina ƙura ga wanda ruwa ke dukan rufinsa a Kwatano tana nuna mai gaisuwar bai san da wa yake magana ba. A jerin nan kuma ake ganin adimin, wanda ke da ikon sallamar mutum ba tare da rakiya ba.

Sai sallamar kanta. A wannan yanki bokal ya fi rubutu daraja, domin da yawa daga dattawa da mata da kunne suke bin gurup, kuma murya tana ɗauke da shaidar da rubutu ba ya da ita: daga yadda mutum ya furta lahiya an gane ko ɗan gida ne ko Kano ta riƙe shi. Amma bokal yana da awo. Daƙiƙa talatin sun isa. Wanda ya kai minti uku za a saurare shi da saurin 2x, kuma babu dattakon da ke tsira a wannan sauri; ko liman ne, sai ya koma kamar ɗan tallan magani a kasuwar Dutsi.

Abin da daƙiƙa talatin ɗin za su ɗauka sananne ne. Misali, saurayi ɗan Lugu da ke aiki a Abijan, wanda kawunsa ya sa shi a gurup ɗin ƴan gari. Zai yi sallama sau ɗaya. Zai gai da manya a dunƙule: iyayena da kakannina, malamai Allah gafarta, masu sarauta ranku ya daɗe, iyaye mata da ƴan uwa. Sannan ya faɗi ko shi wane ne ta hanyar da ake ganewa, wato wane ɗan wane, jikan wane, na gidan kaza, domin sunan da ya sa wa kansa a salula, irin su Patron ko Ɗan Gaye, ba ya cikin tarihin kowa. Zai ambaci wanda ya shigo da shi, kawun ya zama mai lamuni ke nan, ko ya so ko bai so ba. Tambaya kuwa guda ce, a zaɓo ta daidai da gida: ina ruwa idan damina ce, ina aikin hatsi idan kaka ce. A rufe da addu'a gajera.

Wurin asali ne ake yawan zamewa, kuma ɗan Lugu ya fi kowa fuskantar jarrabawa. Garin ne na Sarauniya Mangu, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899, kuma tun da Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, jikokinta a bakin mutane sun yi yawan da garin ba zai iya ɗauka ba. Baƙon da ya buɗe da cewa shi jinin Sarauniya ne ya manta cewa a gurup akwai wata gwaggo da ta san kakarsa, ta san garin da aka auro ta, ta san sadakin. Ba za ta yi gardama ba. Za ta aiko bokal ne kawai mai cewa: a'a, ashe kai ne ɗan wance, sannu ɗana, daga nan ta warware zaren a hankali har ƙarshensa.

Akwai kuma taubasai. Tsakanin Arawa da Fulani akwai wasan da ya girmi salula nesa ba kusa ba, irin wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun gado a 2014 da sunan Nijar. Idan Ba'are ya gama sallama wani ya amsa da cewa maraba da sabon bawanmu, a kawo goron shigowa, kada ya yi fushi, kada kuma ya fice. An karɓe shi ke nan. Amsar da ta dace ita ce ramuwa daidai gwargwado, a tambayi lafiyar shanu da inda aka baro su suna ɓarna. Sai dai baƙo ba ya fara jifa, domin lambar waya ba ta da zane a kumatu, kuma wanda aka ɗauka Bafulatanin wasa yana iya zama sirikin da ba a taɓa gani ba. In an yi wannan kuskure, `Delete for everyone` yana goge saƙon, amma ya bar gurbinsa a fili, sai mutum arba'in su tambayi me aka goge, wanda ya riga ya ji kuma ya ba su labari da ƙari.

Hoton fure mai ƙyalƙyali da ke cewa barka da Juma'a ba sallama ba ne, balle ranar Talata. Haka bin mambobi ɗaya bayan ɗaya ta gefe, musamman matan aure, da sunan ƙarasa gaisuwa. Wannan hanya ce mafi gajarta zuwa hannun adimin.

Ana gane sallama ta karɓu idan wani babba ya amsa da sunan uban baƙon, ko ya tambayi lafiyar wata tsohuwa ta gidansu. Idan amsar babban yatsa ne guda biyu daga yara, ba a gane shi ba, sai kawun ya sa baki ya gabatar da shi. Idan shiru ne, ba lalle ƙiyayya ba ce. A ƙauyukan Dallol Mawri rezo na zuwa yana tafiya, wayoyi da dama kuma suna wurin mai sharji har yamma, don haka amsar ina kwana tana iya isowa bayan isha'i. Maimaita sallama kafin kwana guda ya cika ba ya ƙara komai sai lissafin da aka yi a sama. Ga masu maraba kuwa, godiya ɗaya ce a dunƙule. Bayan ta baƙo ya yi kwanaki yana saurare, har ya gane su wa ba sa ga maciji da juna, kafin ya tofa albarkacin bakinsa a kan siyasa, kokowa ko kuɗin gyaran famfon gari, wanda za a nemi jikarsa a ciki tun kafin sati ya zagayo.