Yadda Ake Ba Ɗan'uwa Rance a Agadas, Zumunci Bai Tsinke Ba

Takardar rance tsakanin dangi ita ce 'yar wasiƙar da ke hana kawu da ɗan ƙanwarsa sauya hanya idan sun hango juna a kasuwa. Wanda ya nemi a rubuta ta zai sha tambayar “Kawu, ba ka yarda da ni ba ne?” Amsar tana cikin aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani: ta yi umarni a rubuta bashi, mai karɓa ya faɗi abin da za a rubuta da bakinsa, a kuma kafa shaidu. Daga nan musu ya ƙare, a zuba shayi.

Bayan sunaye da kwanan wata, sai adadin kuɗi, kuma a nan ake yawan tuntuɓe. Kasuwa da dala take lissafi, takarda kuwa da faran, dala ɗaya faran 5, don haka “ɗari” a bakin mai awo faran 500 ne. Idan kawu ya ba yaro jika 600 don sayen injin ban ruwan albasa a Tabelot, sai a rubuta sefa 600,000 da alƙaluma, a maimaita da kalmomi. Ba a ɗora ko dala a kai, domin ribar rance haramun ce, ko an raɗa mata suna kuɗin goro.

Ranar biya ita ma sai an ɗaure ta. “In Allah ya hore” addu'a ce mai kyau, amma babu ita a kalanda. “Bayan Sallah” kuwa Sallolin biyu ne, kuma kowace shekara suna dawowa. Yaron nan zai biya jika 200 sau uku, kowanne da ranarsa da watansa, farawa daga lokacin da albasa ke shiga kasuwa. Duk abin da ya kawo a rubuta a bayan takardar, su biyu su sa hannu, kada buhun albasar gaisuwa ya rikiɗe ya zama “ai na rage”.

Shaidu maza biyu ne adalai, ko namiji ɗaya da mata biyu. A mazhabar Malikiyya ba a karɓar shaidar ɗa ga mahaifinsa, saboda haka kawu ya bar 'ya'yansa su ci gaba da fifita gawayi. A nemi mazauna gari irin liman ko mai unguwa, domin shaidan da ya tafi haƙar zinariya Jado sai an yi kwanaki a mota kafin a samo shi.

Kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a kai ofishin magajin gari a buga hatimi, a yi kofi biyu. Idan ɗayansu ya rasu, wannan takarda magada za su kai gaban alƙali, domin sai an biya bashi ake rabon gado.