Haɗa Mai da Mai

Wani Alhaji ɗan kasuwa a Kano da ke shigo da ƙananan janaretoci, irin waɗanda masu aski da masu cajin waya ke ajiyewa a bakin shago, ya sa aka mayar masa da littafin bayanin injin zuwa Hausa. Kafin a kai maɗaba'a sai ya kai wa wani tsohon malamin makaranta, maƙwabcina, ya duba masa. A tunanin Alhaji aikin bai wuce gyaran waƙafi da aya ba. Malam ma haka ya zata, har ya ce a dawo bayan La'asar.

Shafi na uku ne ya fara tsayar da shi: "Buɗe zakaran mai kafin ka shaƙe injin." Malam ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, zakara na nan. Ashe kalmar Turancin da ke nufin ɗan famfon da ke sakin fetur daga tanki ita ce kuma sunan zakara, mai fassara ya buɗe ƙamus ya ɗauki ta farko. Shaƙewar kuwa cok ake nufi, ɗan hannun nan da ke rage iskar da ke shiga injin don ya samu fetur mai yawa ya tashi idan ya yi sanyi. Ƙasa kaɗan kuma aka umarci mai saye da ya "gudu da injin na minti biyar ba tare da kaya ba". Manufar ita ce a bar shi ya yi aiki kafin a jona masa fanka ko ƙwai. Amma a Sabon Gari, wanda ya bi wannan umarni a yadda yake, ko dai a bi shi da ihun ɓarawo ko a kama shi a ɗaure.

Malam ya gyara waɗannan yana dariya, ya wuce sauran shafukan da sauri domin Hausarsu ba ta da tangarɗa. Da yamma sai ya ce mu biya wajen bakanike, a karanta masa, a ga ko hannunsa zai bi abin da kunnensa ya ji. Ni aka ɗora wa janaretan.

Yaron bakanike ya riƙe galan, Malam na karantawa cikin muryar aji: "Haɗa mai da mai, 50:1." Yaro ya tsaya. "Baba, wane man da wane man?" Malam ya duba takarda, takarda ta yi shiru. Turanci ya raba fetur da man inji da kalmomi biyu, mu kuwa duk mai muke cewa, kuma jimlar ba ta faɗi wanne ne hamsin ba.

Nan bakanike ya ajiye sifana ya karɓi darasin. Irin wannan ƙaramin inji ba shi da wurin zuba baƙin mai daban. Man da ke shafa fistin cikin fetur ake gauraya shi, wanda aka rubuta 2T a jikin robarsa. Hamsin da ɗaya na nufin kowace lita ta fetur a sa mata mililita 20, lita 4 ke nan mililita 80. Idan man ya yi yawa, hayaƙi ya turnuƙe layi, fulogi ya yi baƙi, injin ya dinga tari yana mutuwa. Wannan da sauƙi. Idan ya yi kaɗan, ko mutum ya ga "mai da mai" ya zuba fetur zalla, babu hayaƙin da zai gargaɗe shi, sai dai injin ya yi zafi fistin ya kame, a dawo wa Alhaji da gawa.

Daga nan Malam ya koma shafukan da ya tsallake. Ya tarar da "Tabbatar injin yana ƙasa". Kowa zai ce an hana ɗora shi a kan tebur ne. Asalin maganar kuwa a ja waya daga jikin injin zuwa sandar ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa, saboda kada wuta ta ja mutum. Ya sake rubuta jimlar yadda bakanike ya faɗe ta, ya kuma bar ON da OFF yadda suke, tunda su ne ido zai gani a jikin makunnin.

La'asar ɗin Alhaji ta zama ta jibi. Da ya ga littafin ya ƙaru da shafi biyu, sai ya lissafa kuɗin takarda, ya dubi Malam ya ce, "Allah gafarta Malam, ba za a iya rage mililitar nan ba?"